Ya amsa mini da "To." kawai, shi ma sai washegari

Anti, barka da aiki. Wata bakwai ke nan ina aiki daga gida da wani kamfani. Mu shida ne a sashenmu, kowa da ƙasar da yake, kuma a WhatsApp muke yawancin magana. Ni nake haɗa rahoton ciniki na wata-wata. Ogana yana ƙasar da agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Ranar Talata da ƙarfe 3:40 na yamma na tura masa: "Sannu da aiki, ina da tambaya a kan rahoton." Nan take alamar ta yi shuɗi, amma shiru. Sai washegari da 6:00 na safe ya rubuto "To." Da aya, babu ƙari. Raina ya ɓaci, ban sake ce masa komai ba, na gyara jadawalin yadda na ga ya dace na tura. Ranar Alhamis a guruf, gaban kowa, ya rubuta: "Me ya sa aka canza jadawalin shafi na 4?" Na yi dogon bayani, shi kuwa babban yatsa kawai ya sako mini. Tun ranar ba ni da sukuni. Har na rubuta takardar ajiye aiki, ban dai tura ba. Raini ne wannan, ko hanyar korata yake nema?

Ƙanwarki

Ƙanwata, sau uku na karanta wasiƙarki ina neman tambayar da kike son yi masa a kan rahoton, ban same ta ba. Shi ma bai same ta ba, domin har yau ba ki yi ta ba. Sanarwa kika tura masa cewa tambaya tana tafe. Ki ɗan tsaya a inda yake. An ce da mutum "ina da tambaya", me ya rage masa ya ce in ba "to, ina ji" ba? Ke kin karanta kalmar a matsayin rufe ƙofa, alhali akwai yiwuwar shi buɗe ta ya yi ya koma gefe yana jiran ki shigo. Daga ɓangarensa, abin da ya gani shi ne ma'aikaciya ta ce tana da tambaya, ya ba ta dama, ta yi tsit, sai ga rahoto ya iso da jadawali a sauye. Ba ina wanke shi ba ne, zan zo kan nasa laifin. Amma a nan zaren ya fara tsinkewa.

Yanzu mu yi lissafin agogo, don shi ne abin da ya fi sauƙin warwarewa. Ƙarfe 3:40 na yammanki, 8:10 na dare ne a wurinsa. Ƙarfe 6:00 na safenki, 10:30 na safe ne a wurinsa. Ke kin ƙirga awa 14 da minti 20 kina jira, kina duba waya, kina juyi a kan gado. In a ce da 9:00 yake fara aiki, shi a lissafinsa awa ɗaya da rabi kacal ya yi kafin ya amsa miki, kuma mai yiwuwa har yana ganin ya yi sauri. Mutum biyu, saƙo ɗaya, ɗaya ta ga kwana, ɗaya ya ga minti casa'in. Idan ku biyun kuna aiki daga 9:00 zuwa 5:00 ne, kowa da agogonsa, to shi yana tashi daga aiki da 12:30 na ranarki. Wato awa uku da rabi ne kawai a yini kuke zaune a bakin aiki tare, daga 9:00 zuwa 12:30 a agogonki. Duk saƙon da kika tura bayan wannan lokaci, ki ɗauka saƙon gobe ne tun kafin ki danna.

Na san abin da za ki ce: ai ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Tun da WhatsApp ya fito da waɗannan shuɗayen alamomi a watan Nuwamba na 2014 suke haɗa mutane faɗa. Abin da suke nunawa ɗaya ne, an buɗe hirar a wayar. Ba sa gaya miki ko mutumin yana tsaye ne a layi, ko yana riƙe da yaro, ko ya buɗe ne don ya tabbatar ba gobara ba ce. Kuma akwai wani abu da ke faruwa da mu duka. Da zarar ka buɗe saƙo, lambar nan da ke nuna wanda ba a karanta ba sai ta ɓace. Ka ce "da safe zan amsa", da safe saƙonni ashirin sun hau kansa, babu abin da zai tuna maka. Akwai "Mark as unread" don maganin haka, amma mutum nawa ne suke tunawa da shi da ƙarfe takwas na dare? In da wani abu ma, buɗewar da ya yi nan take bayan ya tashi daga aiki ta fi kama da ta wanda yake kula da saƙonki.

An ce shiru ma magana ce, kuma gaskiya ne idan kuna ɗaki ɗaya, kina kallon yadda mutum ya haɗe rai ko ya kau da kai. A aikin nesa shiru fanko ne, wanda yake jira shi yake zuba masa abin da ya ga dama. Wata malama a Jami'ar George Mason, Catherine Cramton, ta bi diddigin rukunoni 13 da mambobinsu suke aiki tare daga wurare masu nisa, ta wallafa abin da ta gano a 2001. Cikin matsalolin da ta lissafa har da kasa gane ma'anar shiru. Wani shirun na amincewa ne, wani na rashin yarda, wani kuma saƙon ne bai isa ba ko mutumin ba ya kusa da na'ura. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda mutane suke ɗora laifin. Tun da ba sa ganin halin da abokin aikin yake ciki, sai su ɗora wa halinsa: malalaci ne, mai girman kai ne, bai damu ba. Da kuna ofis ɗaya, da kin gan shi ya ɗauki jaka ya fita, ba za ki ma sa ran amsa ba.

Sai "To." ɗin da ayarsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ina fuskar a nan? Harafi biyu ne da ɗigo ɗaya. Kalmar nan da baki tana da fuska wajen goma. Akwai "to" na na ji, akwai na ci gaba, akwai na gajiya, akwai wanda ake ja, mai nufin za mu gani. Murya ce take rarrabe su, rubutu kuma ba ya ɗaukar murya. Saboda haka muryar da kika ji lokacin da kika karanta, ke kika sa masa ita, kuma kin sa masa ita ne bayan kin kwana da haushi. Da yana cikin mutanen da kike raha da su kullum, da wata muryar daban za ki ji a cikin haruffan nan guda biyu.

Wannan ba rauninki ba ne ke kaɗai. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun wallafa wani gwaji. An sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske, wasu da gatse, a gani ko mai karɓa zai bambance. Masu aikawa sun yi zaton za a gane su kusan kashi 78 cikin 100. Da aka aika da murya, an gane sama da kashi 70. Da aka aika a rubuce ta imel, kashi 56 kawai aka gane, wato da ƙyar ya ɗara canki-canki. Dalilin kuwa, mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa yayin da yake bugawa, sai ya manta cewa muryar ba ta bi saƙon ba. Ita ma ayar da ta tsaya miki a rai, ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Binghamton, aka buga a 2016, ya nuna ɗalibai suna ganin gajeriyar amsar tes da ta ƙare da aya ba ta kai wadda ba ta da aya fitowa daga zuciya ba. Amma akwai mutane da yawa, musamman waɗanda suka saba da rubutun ofis, da ba sa iya barin jimla babu aya, ko "na gode" za su rubuta. A wasu wayoyin ma, danna tazara sau biyu ne yake sa ayar da kansa.

Na taɓa aiki da wata baiwar Allah da duk abin da ka tura mata, ko shafi goma ne, amsarta "Na gani." Wata biyu ina ɗaukar ta mai ji da kai, har na fara rage mata gaisuwa. Ranar da muka fara magana ta bidiyo sai ga mace mai fara'a, dariya har da riƙe ciki, tana yaba wani aikina da ni na riga na yanke cewa ta raina. Da yatsa ɗaya take bugawa, rubutu wahala yake ba ta, shi ke nan. Na ji kunya ranar, don ni kaɗai na yi ta faɗan, ita ba ta ma san ana yi ba.

To, ga nasa laifin. "Me ya sa aka canza" tambaya ce mai kaifi biyu. Da baki, da sassauƙar murya, neman bayani ce. A rubuce, a guruf, gaban mutum huɗu da ba ruwansu, tana fitowa kamar tuhuma, kuma "aka" ɗin nan ya ƙara mata dafi, tun da kowa ya san wa yake haɗa rahoton. Shugaban da ya san aikinsa zai bi ki ta gefe, ko ya ƙara rabin layi: "ina son in fahimta kafin in tura gaba." Babban yatsan ma rowa ce. Yana iya nufin na gamsu, yana iya nufin na gani, yana iya nufin a bar maganar. Wanda aka rubuta wa dogon bayani, ya kamata ya faɗi wanne yake nufi. Sai dai ki lura, duk waɗannan laifin sakaci ne da rubutu, kuma sakaci daban, raini daban. Ke ma ki koma ki karanta dogon bayanin naki da muryar mai fushi, da ƙarfi, ki ji yadda zai fito. A gwajin su Kruger, da aka sa masu aikawa su karanta jimlolinsu da muryar da ta saɓa wa nufinsu, sai wannan tabbacin da suke da shi na cewa za a fahimce su ya ragu. Mutum ya yi tambayar layi ɗaya, aka dawo masa da sakin layi huɗu, zai iya jin an taso masa, ya ga babban yatsa ne hanyar da ta fi sauƙin kashe wutar.

Ba zan ce miki tabbas babu komai a ransa ba, ban san shi ba, kuma ruwa ba ya tsami banza a wasu lokutan. Amma akwai hanyar ganewa da ta fi zato. Ki hau sama a guruf ɗin, ki koma wata uku baya, ki dubi yadda yake amsa wa sauran huɗun. Idan kowa "To." yake samu, kowa babban yatsa, to hannunsa ne haka. Sannan ki dubi yadda yake rubuto miki a watanki na farko da na biyu. Abin da yake da ma'ana shi ne sauyi: mutumin da a da yake rubuto miki layi uku da godiya, yanzu ya koma kalma ɗaya, ke kaɗai, alhali sauran suna samun yadda suka saba. Bayan haka ki bar kalmomi ki dubi aiki. An ɗauke miki wani aiki an ba wani ba tare da bayani ba? An yi taron da ya shafi rahotonki ba a gayyace ki ba? Yana tsallake tambayarki ya amsa ta wanda ya rubuta bayanki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a cikin awannin da kuke aiki tare? Ke kaɗai ake yi wa gyara a bainar jama'a? Wanda yake shirin raba ki da aiki, a irin waɗannan wurare sawunsa yake fitowa. A wasiƙarki ban ga ko ɗaya ba. Na ga mako guda, saƙo uku.

Abin da nake so ki canza tun gobe shi ne ginin saƙonki. Idan awa uku da rabi kawai kuke haɗuwa, kowane "ina da tambaya" yana iya cin yini guda: ki sanar yau, ya ce to gobe, ki yi tambayar, ya nemi ƙarin bayani jibi. Saƙo ya tafi da kayansa duka, yadda zai iya amsawa ko kina barci. Ban san ainihin tambayarki ba, amma a ce a kan kayan da masu saye suka dawo da su ne. Sai ki rubuta:

"Sannu da aiki. A rahoton watan nan, shafi na 4, akwai kaya 37 da aka dawo da su. In cire su daga jimillar ciniki, ko in ware musu layi daban kamar watan jiya? Zan tura rahoton ranar Laraba da 12:00 agogona, wato 4:30 na yamma agogonka. Idan ban ji daga gare ka ba kafin nan, zan ware musu layi daban."

Dubi abin da wannan ya yi. Ya san wane shafi ba sai ya tambaya ba. An ba shi zaɓi biyu, kalma ɗaya ta ishe shi amsa, kuma mun riga mun san gwanin kalma ɗaya ne. Lokacin yana rubuce da agogo biyu, don "gobe da rana" ba abu ɗaya ba ne a wurinku. Layin ƙarshen shi ne mafi amfani, domin ya ba shirun ma'ana tun kafin a yi shi. In ya amsa, madalla. In bai amsa ba, kin san abin yi, kuma ranar Alhamis babu mai tambayar me ya sa, tun da ga shi a rubuce. Sai dai wannan dabarar tana da iyaka. Ana yin ta ne a kan abin da za a iya gyarawa daga baya. Ba a cewa "in ban ji ba zan tura wa abokin ciniki" ko "zan goge". Irin waɗannan sai an sami amsa, in lokaci ya ƙure kuma a kira.

Shi kuwa abin da ya riga ya faru, kada ki nemi gyara shi a rubuce. Abin da rubutu ya ɓata, ƙarin rubutu yakan ƙara dagula shi ne, don kowane sabon layi da tsohuwar muryar za a karanta shi. Ni ƙa'idata, in saƙo ya je ya dawo sau biyu a kan abu ɗaya ina jin zafi yana ƙaruwa, na ajiye bugawa na nemi kira. Saƙon murya ya fi rubutu, amma shi ma jawabi ne na mutum ɗaya, ba a iya tsayar da ke a ce "a'a, ba haka nake nufi ba". Ki nemi minti goma da 10:00 na safenki, 2:30 ke nan a wurinsa. Kuma don Allah kada ki rubuta "ina son mu yi magana" ki tsaya, in ba haka ba kin yi masa abin da ya yi miki. Ki ce a kan jadawalin shafi na 4 ne da kuma yadda za ku riƙa tuntuɓar juna.

A kiran, ba sai kin kawo zancen raini ba. Magana zarar bunu ce, in kika ce "ka raina ni" alhali bai san an yi ba, kin shuka abin da babu shi. Ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru: "Ranar Talata na so in tambaye ka kafin in canza jadawalin, ban fayyace tambayar ba, da na ga amsarka sai na ɗauka ba ka da lokaci, na yanke da kaina." Sai ki tambaye shi abu biyu. Yana son a bar jadawalin a sabon tsarin ko a mayar? Kuma idan abu na gaggawa ne bayan ya tashi daga aiki, ya fi son a kira shi ko a jira safiya? Kina iya ƙarawa, cikin ladabi, cewa in akwai gyara a aikinki kin fi son ya fara turo miki ke kaɗai. Wannan ba roƙo ba ne mai nauyi, kuma yadda zai karɓe shi zai gaya miki abin da alamomin shuɗi dubu ba za su gaya miki ba. In kun gama, ki tura masa layi biyu na abin da kuka tsayar, don murya tana gyara zumunci amma ba ta barin shaida.

In kin ga fuska, ki kawo shawara a taronku na gaba cewa sashen ya tsayar da abu uku a rubuce: saƙon da ba na gaggawa ba a amsa shi cikin yinin aiki ɗaya na mai karɓa, na gaggawa a kira, sannan a bambanta alamar "na gani, zan dawo" da ta "na amince". Wasu rukunonin suna amfani da 👀 don ta farko, ✅ don ta biyu. Ina kyautata zaton cikin ku shida ba ke kaɗai ce kike kwana da babban yatsan nan a rai ba.

Takardar ajiye aikin, ki bar ta inda take. Ki ba abin mako uku bayan kiran, kina tura saƙonni cikakku a cikin awanninku na tare, kina rubuta ranar da kika tambaya da ranar da aka amsa. Idan a ƙarshensu tambayoyi bayyanannu masu wa'adi suna wucewa ba amsa, ke kaɗai, ko kin roƙi gyara a keɓe ya ci gaba da yi miki a guruf, to wannan ba batun aya ba ne kuma, ki sake rubuto mini da abin da kika tara, mu duba wa ya kamata ki kai wa maganar a kamfanin. Kafin nan, akwai tambayar ranar Talata da har yanzu ba a yi ba. Ki tura masa ita gobe da 9:00 agogonki, kafin ya tashi daga aiki.